Biliyan ɗin wa? Yadda kalma ɗaya ta ɗauki adadi biyu

 Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Idan kun ɗauko wani littafin Ingilishi da aka buga a Landan a 1950 kuka ga an rubuta "one billion", sannan kuka ɗauko wani da aka buga a New York a wannan shekarar kuka ga kalmar, to ba adadi ɗaya suke nufi ba. Na New York yana nufin 1,000,000,000, wato ɗaya da sifili tara, abin da mu ma muke kira biliyan a yau. Na Landan kuwa mai yiwuwa 1,000,000,000,000 yake nufi, ɗaya da sifili goma sha biyu, abin da muke kira tiriliyan. Tazarar ba ƙarama ba ce, ninki dubu ce cur. Kamar ka bi mutum bashin naira dubu ne ya miƙo maka naira ɗaya, ya kuma rantse ya biya. Kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa abin da aka koya masa a makaranta ya rubuta.

Asalin rikicin daga Faransa yake. Kalmar miliyan ta girmi biliyan, daga Italiya ta fito, ma'anarta "babbar dubu". Ita ba ta taɓa kawo gardama ba, ko'ina dubu sau dubu ce. Sai a 1484 wani masanin lissafi da ke zaune a birnin Lyon, Nicolas Chuquet, ya rubuta littafinsa mai suna Triparty, a ciki ya nuna yadda za a karanta dogon adadi. Dabararsa ita ce a yanka lambobin gida-gida, kowane gida lamba shida. Alamar farko daga dama ta tsaya a miliyan. Ta biyu ya sa mata suna da "bi", wato biyu, ta uku da "tri", wato uku, haka har gaba. Saboda haka a wurinsa biliyan miliyan ce sau miliyan, sifili 12. Tiriliyan kuma miliyan sau miliyan sau miliyan, sifili 18. Littafin nasa bai samu ɗab'i ba sai a 1880, amma wani mai suna Estienne de La Roche ya kwashi kaso mai yawa daga ciki ya buga a nasa littafin a 1520, ta nan sunayen suka bazu.

In kun lura tsarin Chuquet yana da kan gado. Sunan da kansa yana gaya maka miliyan nawa aka ninka: bi, biyu, tri, uku. Matsalarsa guda ce, gidajen sun yi faɗi da yawa. Tsakanin miliyan da biliyan ɗinsa babu wani suna, sai dai ka ce miliyan dubu, miliyan dubu goma, miliyan dubu ɗari. Daga baya Faransawa suka cike gurbin da kalmar "milliard" don miliyan dubu ɗaya. Ku riƙe wannan kalmar, za mu sake haɗuwa da ita a Maraɗi.

Abin da ya ɓata lissafin kuwa ba wani babban al'amari ba ne, sauyin yadda ake yanka lambobi ne kawai. A ƙarni na 17 wasu masu lissafi a Faransa suka koma raba adadi gida-gida da lamba uku-uku, kamar yadda muke sa waƙafi a yau, domin ido ya fi saurin kama uku a kan shida. Da gidajen suka ƙanƙance sai sunayen suka biyo su. Gida na farko ɗaiɗaiku, na biyu dubu, na uku miliyan, to na huɗu fa? Sunan da ke layi bayan miliyan shi ne biliyan, sai aka miƙa masa. Na biyar ya karɓi tiriliyan. Haka biliyan ta sauko daga sifili 12 zuwa 9, tiriliyan daga 18 zuwa 12. "Bi" ɗin ya rasa ma'anarsa ta asali, don in ka tambaya biyun mene ne a cikin biliyan ɗinmu ta yau, sai an yi 'yan dabaru kafin a ba ka amsa. Ga masu son ƙa'ida, idan n ita ce lambar da ke cikin sunan (bi 2, tri 3), tsohon tsari yana ba da sifili 6 × n, sabon kuma 3 × n + 3. Gwada da bi: 12 da 9. Gwada da tri: 18 da 12. Wata masaniyar lissafi Bafaranshiya, Geneviève Guitel, ita ta raɗa musu sunayen da ake amfani da su yanzu a 1975: dogon ma'auni da gajeren ma'auni.

Daga nan sai kowace ƙasa ta riƙe wanda ta tarar. Ingila ta karɓi kalmomin tun suna kan tsohon tsari. John Locke, a shahararren littafinsa na 1690 kan fahimtar ɗan Adam, ya jera sunayen a kan gidaje shida-shida, kuma a haka Ingilawa suka zauna kusan shekara ɗari uku. Amurka kuwa sabon salon Faransa ne ya shiga littattafan lissafinta tun ƙarni na 18, ya kuma zauna daram a ƙarni na 19. Shi ya sa masu harshe ɗaya suka wayi gari da biliyan biyu.

Wurin da labarin ya fi ba ni dariya shi ne ƙarshensa. Faransa, wadda ta haifi tsarin biyun ta kuma ba Amurka gajeren, ita ce ta juya baya. A 1948 babban taron ƙasashe kan awo da ma'auni ya duba shawarar a koma dogon ma'auni a Turai, kuma a 1961 gwamnatin Faransa ta tabbatar da shi da doka. Ingila kuwa, wadda ta yi ta alfahari da dogon, nauyin dala da jaridun Amurka ya yi ta janta har ta saki. Ranar 20 ga Disamba 1974 wani ɗan majalisa, Robin Maxwell-Hyslop, ya nemi Firaminista Harold Wilson ya sa ministocinsa su riƙa amfani da biliyan a ma'anarta ta Birtaniya kaɗai, wato miliyan sau miliyan. Wilson ya ƙi. Hujjarsa ita ce duniya ta riga ta ɗauki kalmar a matsayin miliyan dubu, yin wani abu daban zai rikita mutane ne kawai. Wato a cikin shekara goma sha uku Faransa da Ingila sun yi musayar wuri, kamar motoci biyu da suka yi kiciɓis a hanyar Kagoro kowa ya wuce inda ɗayan ya baro.

To ina ruwan ɗalibin da ke Zonkwa ko Kafanchan da rigimar Turawa? Ruwansa yana cikin shekarar nan ta 1974.

Mu a Najeriya Ingilishin Birtaniya muka gada, da ƙamusunta da littattafanta. Amma har zuwa samun 'yancin kai kalmar biliyan ba ta da wani aiki a harkar kuɗinmu, don kuɗin ba su kai can ba. Wanda ya taɓa zama a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana duba fayilolin En'e ta Zazzau, wadda gundumar Zangon Katab ke ƙarƙashinta, ko na En'e ta Jama'a, ya san lissafin haraji da jangali duk fam ne da sule da kwabo, a ɗaruruwa da dubbai. Ko a matakin ƙasa, ma'aikacin da ya samu horon Birtaniya in adadi ya haura sai ya rubuta miliyan dubu kaza, ya kauce wa kalmar gaba ɗaya. Man fetur ne ya kawo mana biliyan. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka sauya fam zuwa naira, fam ɗaya naira biyu, alƙaluma suka ninka a dare ɗaya. A ƙarshen wannan shekarar zuwa farkon 1974 farashin mai a duniya ya ninka kusan sau huɗu. Sai ga shi a 1975, watanni kaɗan bayan amsar Wilson, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙaddamar da Shirin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, a kan naira biliyan 30. A ganina ba daga Landan muka karɓi ma'anar ba ma. Mai da dala ake sayar da shi, Bankin Duniya da masu ba da lamuni kuma da bakin Amurka suke ƙirga, to kalmar ta shigo mana ne da rigar da suka sa mata.

Amma bari mu ɗauka ba mu san wannan ba. An ba ka takarda ta 1975, a ƙasar da Birtaniya ta raina, an rubuta naira biliyan 30. Ta yaya za ka tabbatar wace biliyan ce ba tare da ka dogara da zato ba? Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a raba kuɗin a kan mutane. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55.7. Ta 1973 ta ce miliyan 79.8, amma gwamnatin Murtala ta soke ta. Mu ɗauki miliyan 60 don sauƙin lissafi, tunda ninki dubu muke nema, kuskuren miliyan goma ko ashirin ba zai ɓoye shi ba. Idan gajeren ma'auni ne, biliyan 30 miliyan 30,000 ke nan. Raba da miliyan 60, kowane mutum ya tashi da naira 500 a tsawon shekara biyar, wato naira 100 a shekara. Idan dogon ne, kowane mutum, har jariri na goye, naira 500,000. Yanzu a kawo wani abu da aka sani daga wannan zamanin a auna. Bayan ƙarin albashin Udoji, mafi ƙanƙantar albashin ma'aikacin gwamnati naira 720 ne a shekara, naira 60 a wata. Naira 500,000 albashin irin wannan ma'aikacin ne na kusan shekara ɗari bakwai. Babu gwamnatin da za ta tsara kashe wannan a kan kowane kai. Naira 100 a shekara kuwa ta zauna daidai da ƙasar da mai ya fara yi wa ambaliya. Magana ta ƙare, gajeren ma'auni ne, kuma ba mu buɗe ƙamus ko sau ɗaya ba.

Wannan gwajin yana da iyaka fa. Yana kama kuskuren ninki dubu, amma ba zai gaya maka 30 ne ko 43 ba (an sake duba shirin daga baya aka ɗaga shi zuwa sama da biliyan 43, don haka za ku ci karo da adadi biyun a littattafai, kuma duka daidai ne a lokacinsu). Sannan yana buƙatar ka riƙe wani abin awo daga zamanin da kake bincike, albashi ko farashin buhun hatsi ko yawan jama'a. Wanda ya auna kuɗin 1975 da idon 2020 zai ga naira 500,000 ba komai ba ce, ya zaɓi amsar da ba ita ba.

A yau takardun Ingilishi ba su cika ba da wahala ba, kusan ko'ina biliyan sifili tara ce. Tarkon ya koma fassara, kuma mafi kusa da mu yana ƙetaren Jibiya. Hausar Nijar da tamu ɗaya ce, amma a manyan lambobi kowa bakin wanda ya mulke shi ya ɗauka. Bahaushen Kano ya ce biliyan, Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ya ce miliyar, daga "milliard" ɗin nan da na ce ku riƙe. Ku saurari labarun Hausa daga Yamai za ku ji. Miliyar ɗaya daidai take da biliyan ɗayarmu, nan babu matsala. Matsalar tana zuwa ne in adadin ya haura. Kasafin kuɗin Nijar a 'yan shekarun nan yana kai-kawo ne a wajen miliyar dubu uku na sefa. Da bakinmu na Najeriya wannan tiriliyan uku ne. Da Faransanci na hukuma kuwa, in aka so a taƙaita shi da kalma ɗaya, "trois billions" ne, domin tun 1961 "billion" ɗinsu sifili 12 ce. Ɗalibin da ya ga wannan ya rubuta biliyan uku ya mai da kasafin ƙasa guda ƙasa da kuɗin gina babbar kasuwa. A sake gwajin rabawa: Nijar na da mutum wajen miliyan 26. Tiriliyan uku a kansu, kowa sefa dubu 115 ko kusa da haka a shekara. Tunda an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, wannan kamar yuro 175 ne, abin da hankali zai ɗauka. Biliyan uku kuwa sefa 115 ce ga kowane mutum, ko kuɗin shayi da burodi ba ta kai ba. Sa'ar da aka yi, 'yan jaridar ƙasashen Faransanci sun san kalmar tana da rikici, yawanci sai su rubuta "3 000 milliards" su huta.

Ga wani ƙaramin abu da ke tafiya tare da wannan. A rubutun Faransanci waƙafi shi ne ɗigonmu. In kun ga "1,500 milliard" a takardar Nijar ko Kamaru, miliyar ɗaya da rabi ce, ba miliyar dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Dubbai kuma da ɗan fili suke raba su, wani lokaci da ɗigo. Wanda ya kwafe irin wannan teburin ya zuba a Excel da aka saita da Ingilishi, ninki dubun nan zai sake shigo masa ta taga bayan ya kore shi ta ƙofa.

Jamusanci da Sifaniyanci su ma a dogon ma'auni suke. 'Yan sashen tarihi da ke karanta hauhawar farashin Jamus ta 1923 su kula: a watan Nuwamba na shekarar dala ɗaya ta kai mak "4,2 Billionen", kuma tiriliyan 4.2 ke nan da bakinmu. Fotugis ya ma fi ban haushi, harshe ɗaya ne amma Brazil tana gajere, Portugal tana dogo. 'Yan uwanmu da suka yi karatu a Sudan ko Masar kuma sun saba da milyar ta Larabci, wadda ita ma biliyan ɗinmu ce. Masana kimiyya dai sun gaji da wannan tuntuni, shi ya sa suke rubuta 10^9 da 10^12, ko su ce giga da tera, waɗanda aka tsayar a tsarin awo na duniya a 1960. Gig ɗin da kuke saye na data daga nan ya samo suna.

Kada kuma mu zauna muna yi wa Turawa dariya, don namu yana nan. Kalmar jaka ta isa misali. A zamanin fam, jaka ɗaya fam ɗari ce. Da aka koma naira a 1973 kalmar ba ta mutu ba, sai ta bi canjin, jaka ta zama naira 200, jaka biyar naira dubu. A Nijar kuwa jika ɗaya sefa dubu ce, domin su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, jika kuma dala ɗari biyu. Bahaushen can in ya ce maka dala ashirin, sefa ɗari yake nufi, kuma babu ruwan dalarsa da ta Amurka. A ce kana tattara tarihin baka kan cinikin citta, ka zauna da wani dattijo a Kachia ko Kwoi ya ce maka a shekarar kaza ya sayar da cittarsa jaka goma. In kafin 1973 ne, fam dubu ke nan. In bayanta ne, naira dubu biyu. Darajar ɗaya ce a takarda, amma in ka rubuta naira dubu goma don kunnenka ya saba jin jaka kamar dubu, ka ninka wa tsohon arzikinsa sau biyar. Tambayar da za ka yi masa kafin ka kashe rikoda ita ce, Baba, jakar ta fam ce ko ta naira, kuma nawa ke cikinta?

In aka ƙara komawa baya, zamanin da fatake ke yada zango a Zangon Katab da wuri ake ciniki, kuma ƙirgan wuri yana da nasa kalmomin. Hauya ashirin ce, keso kuma wuri dubu ashirin. Zambar tana tsayawa a madadin dubu in an ninka ta, zambar goma 10,000, zambar ɗari 100,000, miliyan kuma sai a ce zambar dubu ko dubu sau dubu. Abin da ya wuce nan Bahaushe ba ya wahalar da kansa, malala gashin tunkiya ne. Yaran yanzu da yawa in suka ga zambar a tsohon rubutu sai su zaci zamba ake nufi.

Wanda ya fi kama da labarin biliyan sak yana nan kusa da mu. Masu nazarin harsuna sun rubuta cewa wasu harsunan wannan yankin, irin su Gure da Kahugu da Piti a ƙasar Lere, da kuma Birom a Filato, da sha biyu-sha biyu suke ƙirga a da, ba da goma-goma ba. Da ƙirgan kasuwa na Hausa da na makarantar boko suka yi ƙarfi sai aka koma goma. A Birom kalmar da a da take nufin sha biyu ita ce ta koma nufin goma. Kalmar tana nan yadda take a baki, adadin da ke ƙarƙashinta ne ya zame, daidai abin da ya faru da biliyan a Faransa a ƙarni na 17. Don haka tsohon da ya ce "goma uku" da irin wannan harshen, ya danganta da zamanin da ya koyi ƙirga, yana iya nufin 30, yana iya nufin 36. 'Yan uwa masu jin Tyap da Jju da Hyam da ke cikinmu, ku gwada zama da kakanninku ku sa su ƙirga muku daga ɗaya har su wuce ɗari, da bakinsu ba da na makaranta ba, ku rubuta kowace kalma da adadinta a gefe da alƙaluma. Ina son ganin abin da za ku samo, musamman daga tara zuwa sha uku.